Yadda ake rubuta takardar riƙon ƙwarya idan manaja zai yi tafiya

Duk shekara idan aka fara shirin aikin Hajji, masu kamfanoni da manyan shagunan sari a Gombe da Bauchi kan turo tambaya iri ɗaya: manajanmu zai tafi, wa za mu bar wa ofis, me za mu rubuta masa, kuma dole ne sai mun ƙara masa kuɗi? Tambayar kan dawo idan manajar wani wuri za ta tafi hutun haihuwa, ko an kwantar da manaja a asibiti. Na ga ya fi in amsa sau ɗaya, mataki bayan mataki.

Misali guda za mu bi har ƙarshe. Kamfani ne mai sayar da taki da iri da maganin feshi, babban ofishinsa yana Bauchi, yana da reshe a Gombe. Manajan reshen zai tafi Hajji na mako shida, daga 11 ga Mayu zuwa 21 ga Yuni, wato daidai lokacin da manoma da dillalai daga Kumo da Deba da Dukku ke fara zuwa ɗaukar kamfa da yuriya. Duk alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa ya sa nasa gwargwadon kasuwarsa. Wannan jagora ta masu zaman kansu ce. Ma'aikatun gwamnati suna da nasu tsarin riƙo a cikin Dokokin Aikin Gwamnati, can za su duba.

Takardar da abin da ke cikinta bai wuce "za ka riƙe ofis har manaja ya dawo" ba, ba ta kare mai kamfani, ba ta kuma kare wanda aka bar wa riƙon. Aikin takardar shi ne ta faɗi da lambobi abin da mai riƙo zai iya yi shi kaɗai, da abin da sai ya tambaya, da abin da ba zai taɓa ba ko da wa ya matsa masa.

1. Fara da wuri, ka san wanda zai sa hannu

A fara aƙalla mako uku kafin tafiyar. Rubuta takardar ba ya cin yini ɗaya, amma aikin banki da ƙidayar kaya su ne ke jan lokaci. Idan tafiyar ta kwana biyu ko uku ce ba a buƙatar naɗi, gajeren saƙo a rubuce ya isa. Daga mako biyu zuwa sama, ko duk tafiyar da za ta haɗa da biyan albashi ko karɓar tirelar kaya, a yi cikakkiyar takarda.

Ka ɗauko takardar ɗaukar aikin manajan, da ta wanda ake son ya riƙe, da kundin ƙa'idojin ma'aikata idan kamfanin yana da shi. Idan kundin ya riga ya faɗi yadda ake riƙo da abin da ake biya, shi za a bi.

A kula: manajan da zai tafi ba shi ne zai sa hannu a takardar ba. Wanda ya naɗa manajan shi ke da hurumin naɗa mai riƙe masa, wato mai kamfani ko babban darakta a Bauchi. Manaja ya kawo suna, a sama a amince. Idan manaja ya naɗa da kansa, aka sami giɓi daga baya, abu na farko da za a ji daga babban ofis shi ne "mu ba mu san da shi ba", a bar yaro da jidali shi kaɗai.

2. Zaɓi mutum, ka nemi yardarsa

A misalinmu akwai mataimakin manaja, da akanta, da mai kula da sito. Mataimakin ne ya dace. Kada a ba akanta riƙo, ko da ya fi kowa amana, domin manaja ne ke amincewa da a kashe kuɗi, akanta kuma ya biya ya rubuta. Idan ayyukan biyu suka haɗu a hannu ɗaya, ba sauran mai duba wani. Haka ma mai kula da sito: bai kamata wanda ke fitar da kaya ya zama shi ne mai ba da izinin fitarwa ba. Idan babu makawa sai ɗayansu ya riƙe, a ɗauke masa aikinsa na asali a ba wani, a kuma rubuta hakan.

A kira shi a zauna da shi kafin a buga komai. A faɗa masa tsawon lokacin, da iyakar ikon, da kuɗin, a kuma ji ta bakinsa. Idan akwai wanda ya girme shi a aiki kuma aka tsallake shi, Alhaji mai kamfani da kansa ya kira wannan babban ya yi masa bayani kafin labari ya fito, don kada mako shidan su ƙare a yi wa mai riƙo zagon ƙasa.

3. Kasa ayyukan manaja gida uku

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin sakaci. Ka zaunar da manajan da biro da takarda ya jera duk abin da ya sa wa hannu ko ya yanke hukunci a kai a cikin wata biyun da suka wuce. Kada ya dogara da ƙwaƙwalwa, ya buɗe littafin bashi da littafin kashe kuɗi da saƙonnin wayarsa. Abubuwa za su fito waɗanda ba a cikin takardar aikinsa suke ba: ragin da yake yi wa wani dillali, rancen da yake ba leburori kafin ƙarshen wata, direban da yake ba kuɗin mai a hannu. Su ne za su fara zuwa gaban mai riƙo tun makon farko.

Gida na farko shi ne abin da mai riƙo zai yi ba tare da ya tambayi kowa ba. A reshenmu wannan ya haɗa da buɗewa da rufe ofis, tsara aikin ma'aikata, ba da izinin fitar da kayan da aka biya kuɗinsu, karɓar kayan da babban ofis ya turo, ba da hutun da bai wuce kwana biyu ba, da kashe kuɗin yau da kullum, kamar man janareta da ladan 'yan dako da ƙananan gyare-gyare. A sa wa kashe kuɗin iyaka biyu: Naira 100,000 a abu guda, kuma jimillar mako kada ta wuce Naira 300,000.

A kula: in aka sa iyakar abu guda aka manta da ta mako, an bar ƙofa a buɗe. Gyaran Naira 380,000 sai ya koma rasit huɗu, kowanne bai kai iyaka ba. A rubuta ƙarara cewa ba a yarda a raba aiki ɗaya gida-gida don a kauce wa iyaka ba. Alamar ana yin haka ita ce ka ga rasitai da yawa daga wuri ɗaya a kwanaki na kusa, kowanne yana dab da iyakar.

Gida na biyu shi ne abin da zai yi bayan ya sami izini a rubuce: duk kashe kuɗin da ya haura iyaka, odar sabon kaya, ragin da ya wuce wanda ke kan takardar farashi, da ba ma'aikaci takardar tuhuma. A ambaci wanda za a nemi izinin a wurinsa da muƙaminsa, da wanda za a nema idan ba a same shi ba. A kuma faɗi abin da ake nufi da "a rubuce". Saƙon WhatsApp daga lambar darakta ya wadatar idan an amince da hakan, amma a buga shi a manna a jikin rasit. Izinin da aka bayar ta baki a waya, a biyo shi da saƙo a ranar. Shi ma mai ba da izinin a ɗaure shi da lokaci, a ce zai amsa cikin yini ɗaya, domin taki ba ya jiran kowa idan ruwa ya sauka.

Gida na uku shi ne abin da ba zai yi ba sam: ɗaukar ma'aikaci ko sallamarsa, canza albashin kowa, sauya farashi, cin bashi da sunan kamfani, sa hannu a yarjejeniyar haya ko kwangila, sayar da abin hawa ko wata kadara, yafe bashi, da amincewa da duk wani kuɗi da shi kansa zai amfana da shi. Haka kuma ba zai miƙa wa wani ikon da aka ba shi ba.

Bashi yana buƙatar sakin layi nasa, domin a kasuwar taki shi ne ke karya reshe. Kada a rubuta "zai iya ba amintattun abokan ciniki bashi", don kowa amintacce ne a bakinsa. A haɗa jeri da sunaye, kowane suna da iyakarsa da abin da ake binsa a ranar miƙa aiki. Wanda iyakarsa buhu 50 ne kuma akwai 30 a kansa, saura 20 ke nan. Wanda babu sunansa a jerin ba ya ɗaukar ko buhu ɗaya sai da izini daga Bauchi.

Wannan jerin shi ne garkuwar mai riƙo. Ka ɗauka wani babban dillali, sa'an mahaifinsa, ya zo da mota har ƙofar sito ya ce, "Yaro, ai Manaja yana ba ni buhu ɗari kowace damina, in na sayar in kawo." Matashin da ba shi da takarda a hannu kunya za ta sa ya buɗe sito. Wanda yake da ita zai russuna ya ce, "Baba, wallahi ba ƙi na yi ba, ga abin da aka rubuta mini, ashirin ne a hannuna. Bari in tura wa Alhaji saƙo yanzu a gabanka a kan sauran." Ba a ɓata da dattijo ba, kaya kuma ba su fita ba bisa ƙa'ida ba.

A bar ƙofa ɗaya ta gaggawa. Idan iska ta yaye kwanon sito da daddare kuma ruwa na neman taɓa taki, ba za a jira amsa daga Bauchi ba. A ba shi damar kashe har Naira 250,000 don kare rai ko dukiya, da sharaɗin ya kawo rahoto da hotuna da rasit cikin awa 24.

4. Banki da lambobin sirri

Banki ba ya aiki da takardar da kuka rubuta tsakaninku. Abin da ya sani shi ne sunayen masu sa hannu da ke cikin fayil ɗin asusun. Idan ana son mai riƙo ya sa hannu a cak ko ya amince da tura kuɗi, sai an kai wa banki buƙata a rubuce, kuma ga kamfani mai rajista yawanci za su nemi ƙudurin daraktoci, da katin shaidar mutumin, da BVN ɗinsa, da hotuna, da samfurin sa hannunsa. Je ka tambayi jami'in da ke kula da asusunku abin da suke buƙata tun a makon farko na shiri.

Ra'ayina shi ne, don riƙon mako shida bai cancanci a taɓa masu sa hannu ba. Ya fi sauƙi reshe ya ci gaba da zuba cinikinsa a asusu kullum, manyan biyan kuɗi su koma babban ofis, a riƙa turo wa reshe kuɗin kashewa na mako-mako. Idan riƙon zai kai wata uku ko fiye, a sa shi a matsayin mai sa hannu na biyu, wanda hannunsa shi kaɗai ba ya fitar da kuɗi.

A kula: kada manaja ya bar cak da ya sa wa hannu ba a cike ba, kada kuma ya bar wa kowa lambar sirrinsa ta manhajar banki ko ta kwamfutar ofis. Duk abin da aka yi da lambarsa da sunansa zai fito, alhali yana Makka, kuma ranar bincike ba za a iya bambance hannun kowa ba. A buɗe wa mai riƙo nasa shiga da sunansa. A kuma duba layin wayar da banki ke turo wa lambar tabbatarwa da saƙon shigar kuɗi. Idan layin manaja ne na kansa, zai tafi da shi, reshe ya wayi gari ba ya iya tabbatar da ko kuɗin mai saye sun shigo.

5. Lissafa alawus

Dokar Ƙwadago ba ta yanka wani adadi da dole a biya mai riƙo ba. Abin da aka rubuta a ƙa'idojin kamfani ko aka yi yarjejeniya a kai shi ne ke aiki. Amma wanda aka ɗora wa makullin sito mai ɗauke da kayan miliyoyi, da fuskantar dillalai, da amsa tambaya idan an sami giɓi, haƙƙinsa ne a biya shi, kuma a faɗa masa adadin kafin ya fara. "Za mu san abin da za mu yi maka" ba adadi ba ne, kuma ita ce kalmar da ta fi jawo ɓacin rai bayan Sallah.

Hanyar da ta fi adalci ita ce biyan bambanci tsakanin albashinsa da mafi ƙarancin albashin muƙamin manaja. A lura, farkon matakin muƙamin ake dubawa, ba abin da manajan yanzu yake ɗauka ba, domin nasa ya haɗa da ƙarin shekarun da ya yi. A misalinmu muƙamin manajan reshe yana farawa daga Naira 250,000 a wata, mataimaki yana ɗaukar Naira 160,000. Bambancin Naira 90,000 ne a wata.

Riƙon bai cika wata-wata ba, don haka sai an raba shi da kwanaki. Idan aka ɗauki kowane wata a matsayin kwana 30, ya zama Naira 3,000 a yini. Daga 11 zuwa 31 ga Mayu kwana 21 ne, daga 1 zuwa 21 ga Yuni ma kwana 21, jimilla 42, wato Naira 126,000: 63,000 a albashin Mayu, 63,000 a na Yuni. Idan akanta ya yi amfani da ainihin kwanakin Mayu, wato 31, kason Mayu zai sauka zuwa kusan Naira 60,970. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a kan irinsa ake fara zargin an ci wa mutum haƙƙi. A zaɓi hanya ɗaya a rubuta ta.

Inda babu tsarin matakan albashi, a yanka kuɗi tsayayye a wata ko a mako. Idan kuma rabin aikin manaja ya koma Bauchi, kamar yadda na ba da shawara a kan banki, ba laifi a biya wani kaso na bambancin, in dai an yi bayani kuma ya yarda.

Sai sauran abubuwan da ke tare da kujerar. Katin waya da man mota na aiki su bi mai riƙo, don aikin ne ke cinye su. Kuɗin gidan manaja da na asibitin iyalinsa su tsaya a wurin manaja. Idan akwai kamashon da ake ba manaja a kan yawan ciniki, a yanke tun yanzu na wa ne a waɗannan makonni, tunda su ne makonnin da aka fi ciniki a shekara.

A kula: alawus kuɗin shiga ne, yana shiga lissafin harajin albashi, don haka a biya shi ta takardar albashi a layinsa na daban, kada a miƙa shi a ambulan. Kada kuma a narkar da shi cikin ainihin albashi. In aka yi haka, ranar da aka cire zai zama kamar an rage wa mutum albashi. A rubuta cewa ba ya shiga lissafin fansho ko giratuti, sai idan ƙa'idarku ta ce yana shiga.

6. Rubuta takardar

A buga ta a takarda mai tambarin kamfani, kwafi uku: ɗaya na mai riƙo, ɗaya na fayil ɗinsa, ɗaya na akanta. Kada ta wuce shafi biyu, jerin masu bashi da jerin kaya su zama rataye. Idan da Turanci kuke rubuta takardun ofis, a tabbatar mai riƙo ya fahimci kowane layi, in ya so a ba shi kwafin Hausa. Ga yadda tamu za ta kasance:

Zuwa ga Malam ……, Mataimakin Manaja, Reshen Gombe.

NAƊI A MATSAYIN MUƘADDASHIN MANAJA

Assalamu alaikum. Kamfani ya naɗa ka ka riƙe muƙamin Manajan Reshen Gombe daga safiyar 11 ga Mayu zuwa tashi daga aiki ranar 21 ga Yuni, ko zuwa ranar da aka sanar da kai a rubuce cewa riƙon ya ƙare, duk wanda ya riga zuwa. Ba za a tsawaita shi ba sai da wata takardar.

Wannan riƙo na ɗan lokaci ne. Ba ƙarin girma ba ne, ba kuma alkawarin ƙarin girma ba ne. Idan ya ƙare za ka koma muƙaminka da albashinka, sauran sharuɗɗan aikinka kuma suna nan yadda suke.

Kana da ikon gudanar da harkokin reshe na yau da kullum, da kashe kuɗin da bai wuce Naira 100,000 a abu guda ba, da Naira 300,000 a mako. Ba a yarda a raba aiki ɗaya don kauce wa wannan iyaka ba. Za ka ba da bashi ne kawai ga waɗanda ke cikin Rataye na 1, gwargwadon iyakar kowannensu.

Sai da izinin Babban Darakta a rubuce, ko na Babban Akanta idan ba a same shi ba, za ka wuce waɗannan iyakoki, ko ka yi odar kaya, ko ka yi ragi fiye da na takardar farashi, ko ka ba ma'aikaci takardar tuhuma. Don kare rai ko dukiya cikin gaggawa kana iya kashe har Naira 250,000, ka kawo rahoto cikin awa 24.

Ba ka da ikon ɗauka ko sallamar ma'aikaci, canza albashi ko farashi, cin bashi ko sa hannu a yarjejeniya da sunan kamfani, sayar da kadara, yafe bashi, amincewa da kuɗin da kai za ka amfana, ko miƙa wannan iko ga wani.

Za a biya ka alawus na riƙo Naira 3,000 a kowace rana ta riƙon, tare da albashin wata, bayan cire haraji. Alawus ɗin zai tsaya ranar da riƙon ya ƙare.

Za ka turo rahoton ciniki da kaya da bashi kowace Asabar.

Daga ƙasa sai sa hannun Babban Darakta da hatimi, sannan layin mai riƙo: "Na karanta, na fahimta, na kuma amince", da sa hannunsa da kwanan wata.

A kula da ranar ƙarewa. "Har sai manaja ya dawo" ba rana ba ce. Jirgin alhazai yana iya jinkiri, manaja yana iya dawowa da rashin lafiya, ko ya iso gida ya yi mako yana karɓar 'yan barka da zuwa bai leƙa ofis ba. A sa takamaimiyar rana, in buƙata ta taso a ƙara da gajeriyar takarda mai sabon kwanan wata.

A kula kuma da jumlar nan da wasu ke so, "duk asarar da aka samu za a cire a albashinka". A bar ta. Dokar Ƙwadago ta taƙaita yankan albashi saboda asara, kuma irin wannan barazana tana sa mai riƙo ya ƙi yanke ko da ƙaramin hukunci. Idan ya wuce iyakarsa, ƙa'idar ladabtarwa ta kamfani ta isa.

7. Ƙidayar kaya da miƙa aiki

Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, manaja da mai riƙo da mai kula da sito da akanta su shiga sito tare. A ƙirga da ido, layi-layi, kamfa daban, yuriya daban, katan-katan na maganin feshi a buɗe wasu a duba. Buhunan da suka yage ko suka jiƙe suka dunƙule a ware su a rubuta adadinsu. A ƙirga tsabar kuɗin da ke cikin akwati, a rubuta abin da ke asusu a wannan ranar, da lambar rasit ta ƙarshe da aka yi amfani da ita, da makullai nawa aka miƙa da na ina. Duk su huɗun su sa hannu.

A kula: kada mai riƙo ya sa hannu a kan adadin da ke cikin littafi alhali bai ƙirga ba, ko da manaja ya ce masa "haba, ba ka yarda da ni ba ne?" Idan littafi ya ce buhu 600 kuma a ƙasa 588 ne, waɗannan 12 a kansa za su faɗa ranar da aka dawo.

Manaja ya kuma rubuta alkawuran da ya yi ta baki waɗanda ba a cika ba: wanda ya biya bai ɗauki kaya ba, wanda aka yi wa alkawarin tsohon farashi, motar da ke kan hanya. Alkawarin da bai shiga wannan takarda ba ya jira dawowarsa.

8. Sanar da waɗanda abin ya shafa

A tara ma'aikata, wani daga babban ofis ya gabatar da mai riƙo da bakinsa, a kuma manna gajeriyar sanarwa. Ba sai an faɗi alawus a wurin ba. A faɗa musu cewa ba a kiran manaja a Saudiyya don neman izinin komai, shi ma manajan a roƙe shi kada ya riƙa ba da umarni ta waya. Da zarar ma'aikata sun gane ana iya zagaye mai riƙo, takardar ta mutu.

Sannan a tura wa manyan dillalai da masu kawo kaya saƙo: daga rana kaza zuwa rana kaza wane ne ke riƙe da reshe, kuma bashi da oda da yarjejeniya sai da amincewar babban ofis. Wannan yana da muhimmanci a shari'ance. Idan kamfani ya zaunar da mutum a kujerar manaja, wani na waje ya ƙulla ciniki da shi da zuciya ɗaya bai san an taƙaita masa iko ba, cinikin yana iya hawa kan kamfani duk da abin da ke cikin takardarku. Iyakar da ke kulle a durowa ba ta ɗaure wanda bai san da ita ba. Shi kuma mai riƙo ya riƙa sa hannu da sunansa da muƙamin muƙaddashi, kada ya kwaikwayi hannun manaja.

9. Bibiya da rufe riƙon

Rahoton Asabar a karanta shi, kada a ajiye. Abu uku za a duba: ko jimillar bashi tana hawa, ko kayan da suka fita sun yi daidai da kuɗin da suka shiga asusu, da ko saƙonnin neman izini suna zuwa. Idan mako biyu suka wuce a tsakiyar kasuwar taki ba a nemi izinin komai ba, a bincika, domin da wuya a ce babu abin da ya taso. Idan kuma ana kiran Bauchi sau biyar a yini, iyakar ta yi matsi, a ɗaga ta a rubuce.

Ranar da manaja ya dawo aiki a maimaita ƙidayar da aka yi a mataki na 7, da mutanen nan huɗu, a gwada da takardar farko. A ba mai riƙo gajeriyar takarda mai cewa riƙonsa ya ƙare rana kaza, ya koma muƙaminsa, a tura wa akanta kwafi don ya biya sauran alawus ya kuma tsayar da shi daga wata mai zuwa. A karɓi makullai da hatimi, a rufe shigarsa ta kwamfuta da ta manhajar banki a ranar. Idan an sa sunansa a asusu, a rubuta wa banki a cire shi, a karɓo shaidar cewa sun cire, sannan a sake tura wa dillalai saƙon cewa manaja ya kama aiki.